Yadda Ake Gano Dalilin Saɓani Tsakanin pH na Lissafi da na Mita: Wasiƙar Malamin Kimistiri ga Ɗalibansa

Zuwa ga ɗaliban ajin kimiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, wannan takarda a kan rahoton gwajin pH ne da kuka miƙo. Kusan kowane rukuni ya samu lambobi masu kama da juna, kuma kusan kowa ya rufe rahotonsa da cewa "an samu kuskure wajen aiki". Wannan jimla ba ta samun maki, domin ba ta faɗi wane kuskure ba, ba ta faɗi girmansa ba, ba ta kuma nuna ko zai ɗaga lamba ne ko zai saukar da ita ba. Wasu biyu kuma sun goge abin da mita ta nuna sun rubuta abin da lissafi ya bayar. Wannan ya fi muni, don lambar da suka goge ita ce mai labari.

Ga abin da aka samu, a ɗakin gwaji mai zafin digiri 35:

```
                    lissafi    mita
HCl      0.10 M      1.00      1.28
CH3COOH  0.10 M      2.87      2.99
H2O                  7.00      5.8
NaOH     0.010 M    12.00     11.42
```

Za mu bi ruwan NaOH daga farko har ƙarshe, tunda shi ne ya fi nisa da lissafinsa a cikin waɗanda kuka haɗa da hannunku. Tazarar 0.58 ce. Idan kuka iya raba wannan 0.58 gida-gida, kowane gida da dalilinsa, sauran ukun ba za su ba ku wahala ba.

Mataki na farko: ku san girman tazarar tukuna

Ma'aunin pH na logaridam ne. Tun da Sørensen ya gabatar da shi a shekarar 1909 a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kofenhagen, haka yake: kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Saboda haka bai dace a raba 0.58 da 12 a ce kuskuren bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, kamar yadda da yawanku suka yi. A ɗaga 10 zuwa ƙarfin 0.58, za a samu kusan 3.8. Wato mita tana ganin ayon ɗin H⁺ kusan ninki huɗu na abin da lissafinku ya ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ku haddace lambobi biyu, za su yi muku amfani har jami'a. Bambancin 0.30 a pH ninki biyu ne. Bambancin 0.04 kuwa kusan kashi 10 cikin ɗari ne. Da waɗannan biyun kaɗai za ku iya watsar da zargin da aka fi yi. Wanda ya ce ɗigo biyu da suka wuce layin falas ne suka jawo saɓanin, sai ya lissafa: ɗigo biyu kamar mililita 0.1 ne, a cikin mililita 250. Ko a wuri na uku bayan ɗigon lamba da ƙyar za a ga tasirinsa. Kafin kuskuren awo kaɗai ya haifar da 0.58, sai an zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na sinadarin a ƙasa, kuma wanda ya yi haka ya san ya yi.

Mataki na biyu: ku tuhumi lissafin kafin ku tuhumi mita

Ɗalibi yakan ɗauka lissafi shi ne gaskiya, mita ce mai ƙarya. A wannan gwajin, kaso mafi girma na saɓanin daga takarda ya fito. Ga yadda kuka yi:

```
pOH = -log(0.010) = 2.00
pH  = 14.00 - 2.00 = 12.00
```

Layi na farko ba laifi. Matsalar tana cikin 14.00 ɗin nan. Ba lamba ce ta dindindin ba, darajar pKw ce ta ruwa a digiri 25 kawai. Rabuwar ruwa zuwa H⁺ da OH⁻ tana shan zafi, don haka da zarar ruwa ya ɗumama sai ya ƙara rabuwa, Kw ta ƙaru, pKw ta ragu. A digiri 30 tana kusan 13.83, a digiri 35 kusan 13.68, a digiri 40 kusan 13.53. Littattafan da muke karantawa suna ɗaukar digiri 25 a matsayin zafin ɗaki. Ɗakin gwajin da ba na'urar sanyaya iska a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu da rana tsaka, ya yi nisa da wannan. Tamomitar da ke jikin mita ta nuna 35, kuma kun rubuta hakan a saman takardunku, sai dai ba wanda ya yi aiki da shi.

```
pH = 13.68 - 2.00 = 11.68
```

Kun ga 0.32 ya tafi ke nan, fiye da rabin tazarar, ba tare da an taɓa kwalba ko mita ba.

Wani zai ce ai mitar tana da ATC, mai gyara zafi da kanta. Abin da ATC ke gyarawa shi ne yadda sandar gilashin mitar, wadda ake tsomawa a ruwa, ke amsawa a zafi daban-daban. Ba ta mayar da ruwanku zuwa digiri 25. Idan ruwan NaOH yana digiri 35, pH ɗinsa na gaskiya ya sauka, kuma aikin mita ta faɗi abin da ke nan. Ku lura kuma cewa zafi bai taɓa lissafin HCl ba, domin babu Kw a cikinsa. Wannan ya sa alkali ya fi asid jin zafin ɗaki nesa ba kusa ba. Ita ma CH3COOH, darajar Ka ɗinta kusan ba ta motsi tsakanin digiri 25 da 35.

Tunda muna kan takarda, rukuni ɗaya ya rubuta 1.00 a matsayin lissafin CH3COOH. Sun ɗauke ta kamar asid mai ƙarfi. Ba ta rabuwa gaba ɗaya, a 0.10 M kashi ɗaya da ɗan ɗoriya cikin ɗari ne kawai ke sakin H⁺. Da Ka ta 1.8 × 10⁻⁵, ana ninka Ka da 0.10, a ɗauki saiwar murabba'i, a samu 1.34 × 10⁻³, wanda ya ba da 2.87. Duk lokacin da saɓani ya kai mataki ɗaya ko biyu cur, ku fara duba nan, ko ku duba ko an manta da sirki da aka yi wa ruwan.

Mataki na uku: ku tabbatar abin da ke cikin kwalba shi ne abin da aka rubuta a jikinta

Takardar jikin kwalba ta ce 0.010 M. Wannan niyyar mai haɗawa ce. Kun auna giram 4.00 na ƙwayoyin NaOH kuka narka a lita ɗaya, sannan kuka ɗebi mililita 25 da fifet kuka cika zuwa 250. Tsarin daidai ne, ya ma fi a auna giram 0.40 kai tsaye. Amma NaOH yana da halaye biyu marasa kyau. Yana tsotsar danshin iska, har za ku ga ƙwayoyin suna sheƙi suna manne wa juna tun suna kan sikeli, don haka wani ɓangare na giram 4.00 ɗin ruwa ne. Sannan yana kama iskar CO2 ya mayar da ita kabonet, a cikin gwangwani idan an bar murfi a sake, da kuma a cikin bika idan an bar ta a buɗe. Kowace CO2 ɗaya tana cinye OH⁻ biyu.

Hanyar sanin gaskiya ita ce taitireshan, kuma da alamar launi biyu, ba ɗaya ba. Ku ɗebi mililita 25.0 na ruwan NaOH ku zuba a falas mai ƙunƙuntar baki. Ku cika buret da HCl mai 0.0100 M wanda aka riga aka tabbatar da ƙarfinsa da Na2CO3 busasshe. Ku sa ɗigo biyu na finolftalin, ku riƙa sakin asid kuna kaɗawa a hankali har jan launin ya ɓace, ku rubuta lambar buret. Kada ku zubar. A cikin wannan falas ɗin ku ƙara ɗigo biyu na metil oranj, ku ci gaba da sakin asid ɗigo-ɗigo har ruwan ɗorawa ya juya zuwa ruwan lemo, ku sake rubutawa. A ruwa mai sirki irin wannan juyin launi na biyu ba shi da kaifi, don haka ku ajiye farar takarda a ƙarƙashin falas, ku maimaita sau uku.

Da aka yi wa kwalbarku haka, launi na farko ya juya a mililita 22.0, na biyu a 22.8. Ga fassararsa. Kafin finolftalin ya juya, asid ya cinye dukkan OH⁻, ya kuma kai kabonet rabin hanya, wato zuwa baikabonet. Daga nan zuwa juyin metil oranj, ragowar rabin hanyar ce. To mililita 0.8 da ke tsakani na rabin kabonet ne, kuma akwai wani 0.8 irinsa da ya ɓuya a cikin 22.0. A cire shi, a samu 21.2, shi ne na OH⁻ zalla.

```
[OH-] = 0.0100 x 21.2 / 25.0 = 0.0085 M
```

Da a ce komai ya tafi daidai, da 25.0 za a gani. Faɗuwa daga 25.0 zuwa 22.8 galibi ta danshin da aka auna tare da ƙwayoyin ce. Daga 22.8 zuwa 21.2 kuwa aikin CO2 ne. Wanda ya yi da metil oranj kaɗai, kamar yadda kuka saba a shirin jarrabawar aikin hannu ta WAEC da NECO, ba zai taɓa ganin ɓarnar CO2 ba, domin kabonet ma yana shan asid kamar yadda OH⁻ ɗin da ya maye gurbinsa zai sha.

Yanzu pOH ta zama 2.07, pH kuma 11.61. An samu ƙarin 0.07. Ku duba da kyau: ruwan ya rasa kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa, abin da a taitireshan babban kuskure ne, amma a pH bai kai 0.1 ba. Logaridam yana danne irin wannan kuskure.

Mataki na huɗu: abin da mita ke aunawa ba yawan ayon ba ne

Wannan shi ne wurin da manhajar sakandare ta taƙaita, kuma ya kamata ku san shi. A aji muna cewa pH ita ce -log[H⁺], inda [H⁺] ke nufin yawan mol a lita. Sandar gilashi ba ta ƙirga ayon. Tana jin kuzarinsu ne, abin da littattafai ke kira akitibiti. A ruwa mai ayon da yawa, kowane ayon mai cajin ƙari yana kewaye da masu cajin ragi, su ma haka, kuma wannan jan juna yana rage musu tasiri. Kamar mutum ne a tsakiyar kasuwa ranar cinta: yana nan, an ƙirga shi, amma ba ya tafiya da saurin da zai yi a fili. Debye da Hückel suka fitar da lissafin wannan a shekarar 1923. Ana ninka yawan ayon da wata lamba, γ, wadda take 1 a ruwa mai matuƙar sirki, tana raguwa yayin da ayon ke ƙaruwa. Ga sauƙaƙƙen tsarinta ga ayon mai caji ɗaya:

```
log γ = -0.51 x √I / (1 + √I)
```

Harafin I yana wakiltar cunkoson ayon a ruwan. Ga NaOH ko HCl su kaɗai, daidai yake da molarsu. A wajen 0.01 M, γ tana kusan 0.90. Ke nan kuzarin OH⁻ shi ne 0.0085 sau 0.90, wato 0.00765. Logaridam ɗinsa ya ba da pOH ta 2.12, sai pH ta sauka zuwa 11.56. Wani 0.05 ke nan.

A HCl mai 0.10 M abin ya fi fitowa fili, don cunkoson ya ninka goma. An auna γ ɗinta a kusan 0.80, saboda haka mita mai lafiya ƙalau, da asid da aka haɗa ba kuskure, 1.10 za ta nuna ko kusa da haka. Ba za ku taɓa ganin 1.00 ba sai da mitar da ta karkace. Wannan 0.10 ba laifin kowa ba ne, iyakar tsarin lissafin da aka koya muku ne. A CH3COOH kuwa ayon ɗin kaɗan ne, don haka gyaran nan bai kai a damu da shi ba.

Zuwa nan takarda da buret sun kawo mu 11.56. Mita ta ce 11.42. Saura 0.14.

Mataki na biyar: yanzu a juya kan mita

Kafin a taɓa ta, ku kalli teburin farko da gyare-gyaren da muka yi. HCl ya kamata ya nuna 1.10, ya nuna 1.28, ya hau. CH3COOH ya kamata 2.87, ya nuna 2.99, ya hau amma bai kai na HCl ba. NaOH ya kamata 11.56, ya nuna 11.42, ya sauka. Dukkansu an jawo su zuwa wajen 7, kuma wanda ya fi nisa da 7 shi aka fi jawowa. Wannan alama ce sananniya. Da a ce duk lambobin sun hau ko sun sauka da adadi guda, da sai mu ce tsakiyar ma'aunin ce ta goce. Tunda matsewa suka yi zuwa tsakiya, gangaren sandar ne ya ragu.

Ga abin da ake nufi da gangare. Mita ƙarfin lantarki take aunawa, a milibolt, sannan ta juya shi zuwa pH. Sabuwar sanda cikakkiya tana ba da milibolt 59.16 a kowane mataki ɗaya na pH a digiri 25, ko 61.14 a digiri 35. Yayin da gilashin ke tsufa, ko ya bushe, ko datti ya lulluɓe shi, sai ya riƙa ba da ƙasa da haka. Idan an saita mita da bafa guda ɗaya ta pH 7, wato ruwan saiti wanda aka san pH ɗinsa kuma ba ya saurin canzawa, an gaya mata inda tsakiya take, amma ba a gaya mata faɗin kowane mataki ba, sai ta ɗauka sandar cikakkiya ce. Littafin ɗakin gwaji ya nuna abin da aka yi ranar ke nan: bafa 7 kaɗai.

Gwajin ba wuya. Bayan an saita da bafa 7, a kurkure sandar a tsoma ta a bafa 4, kada a danna maɓallin saiti na CAL, a karanta kawai. Jikin kwalbar bafa yana da tebur na zafi: a digiri 35 bafa 7.00 tana 6.98, bafa 4.01 tana 4.02. Mitarku ta nuna 4.11.

```
(6.98 - 4.11) / (6.98 - 4.02) = 0.97
```

Gangaren kashi 97 cikin ɗari ne. Sandar ba ta lalace ba; galibin masu ƙera su suna karɓar daga 95 zuwa 105. Illar ita ce ba a sanar da mita ba. Kusa da 7 ragin kashi 3 ba ya komai. Amma 11.56 yana da nisan 4.58 daga 6.98, kuma kashi 97 na 4.58 shi ne 4.44. A haɗa da 6.98, a samu 11.42, daidai abin da kuka karanta. Ku gwada wa HCl da CH3COOH da kanku da wannan hanya, za ku fito a 1.28 da 2.99.

Ga yadda za ku saita ta a gwaji mai zuwa. Ku fito da bafa da ruwan gwaji ku ajiye su wuri ɗaya na aƙalla rabin awa, domin zafinsu ya zo ɗaya. Ku zuba bafa kaɗan a ƙaramar bika mai tsabta, iya abin da zai rufe ƙwallon gilashin da ɗan ramin da ke gefensa. Kada a tsoma sanda a uwar kwalba, kada kuma a mayar da ragowar ciki. Idan sandar mai ramin cika ruwa ce a sama, a buɗe ramin lokacin aiki. A kurkure da ruwan distil, a ɗan taɓa ƙasan da tishu don ɗauke ɗigon da ya rataya. Ban da gogewa, domin goga tana tara caji a gilashin, lamba ta yi ta yawo. A fara da bafa 7, a juya bikar a hankali, a bari lamba ta tsaya cak, sannan a danna CAL. A sake kurkurewa a shiga bafa ta biyu.

Zaɓen bafa ta biyu yana da ƙa'ida: ta kasance a ɓangaren da za a yi awo. Asid, 7 da 4. Alkali, 7 da 10. Idan mitar tana karɓar uku, a yi ukun. Bafa 10.01 tana 9.93 a digiri 35, don haka idan mitar irin wadda ake murɗa wa lamba da hannu ce, 9.93 za a sa. Bafa 10 ita ce mafi saurin lalacewa, don ita ma tana shan CO2 pH ɗinta ya sauka. Wadda aka buɗe tun zangon karatun da ya wuce ba abin dogaro ba ce. Bafa 4 kuma takan yi furfura, idan kun ga zare-zare na yawo a ciki a zubar. Bayan an gama, a koma bafa 7 a karanta ta kamar ruwan gwaji. Idan ta kauce fiye da 0.05, a sake daga farko.

Wurin awo, a jira. Sanda mai lafiya takan tsaya cikin minti ɗaya. Wadda ke jan ƙafa minti uku ko huɗu a cikin bafa tana neman jiƙo ko canji. Sandar da aka bari ba murfi, musamman da hunturu, gilashinta yakan bushe. A jiƙa ta kwana guda a ruwan KCl mai 3 M, wato giram 22.4 a narka a cika zuwa mililita 100. A cikin irin wannan ruwa ake ajiye ta kullum. Ajiye ta a ruwan distil yana tsotse gishirin da ke cikinta ta ɗan ramin nan, ya kashe ta a hankali.

Akwai wani abu da bai shafe mu sosai a 0.010 M ba amma za ku haɗu da shi idan kuka auna NaOH mai 0.10 M ko 1 M. Daga wajen pH 12 zuwa sama, H⁺ ya yi ƙaranci ainun, Na⁺ kuma ya yi yawa, sai gilashin ya fara ɗaukar Na⁺ kamar H⁺ ne. Lamba takan fito ƙasa da gaskiya, kuma saiti da bafa ba ya gyara wannan.

Ruwan distil da ya nuna 5.8

Wannan ya tayar wa da yawanku hankali, har wasu suka rubuta cewa an zuba asid a jarkar. Ba a zuba ba. Ruwa zalla ba shi da abin da zai tare canji, don haka ɗan CO2 da ya sha daga iska ya isa ya saukar da shi. Ruwan da ya zauna a buɗe har ya daidaita da iska yana kaiwa wajen 5.6. Ko ba CO2 ma, a digiri 35 tsaka-tsaki rabin 13.68 ne, wato 6.84, kuma ruwan da ke 6.84 a wannan zafi ba asid ba ne, don H⁺ da OH⁻ ɗinsa daidai suke. Ƙari a kan haka, ruwa mara gishiri ba ya ɗaukar lantarki sosai, shi ya sa kuka ga lambar tana rawa ta ƙi tsayawa. Kada ku taɓa gwada lafiyar mita da ruwan distil; aikin bafa ne.

Don tabbatarwa, a tafasa ruwan minti goma zuwa sha biyar, a rufe shi ya huce, a auna nan take. Zai haura zuwa kusa da tsaka-tsaki, sannan idan aka bar shi a buɗe ana kaɗawa za ku ga yana gangarowa a gabanku. Da irin wannan tafasasshen ruwa ya kamata a haɗa NaOH. Idan kuwa "ruwan distil" ya nuna 7.5 ko 8, a binciki jarkar, wataƙila an cika ta da ruwan burtsatse ko na leda. Ɗigon AgNO3 zai sa irin wannan ruwa ya yi hazo idan akwai kuloraid a ciki.

Rukunin da ya yi amfani da takardar launi maimakon mita, kada su wahalar da kansu da waɗannan gyare-gyare. Takardar ba ta bambance 11.4 da 12, kuma ba a rubuta sakamakonta da lamba biyu bayan ɗigo.

Abin da za ku sake miƙowa

Kowane rukuni zai gyara sashen tattaunawa na rahotonsa. Lambar da mita ta nuna ta zauna yadda take, tare da zafin ruwan da bafar da aka yi saiti da ita. A ƙarƙashinta a jera gyaran NaOH kamar haka, kowane layi da jimla ɗaya mai faɗin dalili da hujjarsa:

```
12.00
11.68   pKw = 13.68     -0.32
11.61   0.0085 M        -0.07
11.56   γ = 0.90        -0.05
11.42   0.97            -0.14
```

Sannan ku yi wa HCl irinsa, wanda layi biyu kawai yake buƙata. Idan bayan duk gyara ragowar saɓani bai wuce 0.05 ba, ku tsaya nan. Mitar makaranta da bafar da muke da ita ba za su iya rabe abin da ya fi haka ƙanƙanta ba.

A darasin aikin hannu mai zuwa za mu jarraba bayanin da kansa, don bayanin da ba a jarraba ba zato ne. Kafin ku shigo, kowa ya rubuta hasashensa a kan abu biyu. Na ɗaya, me ruwan NaOH ɗin nan zai nuna a digiri 35 bayan an saita mita da bafa 7 da 10. Na biyu, me zai nuna idan aka rufe kwalbar aka sa ta, tare da bafofin, a kwanon ruwan sanyi har suka sauka digiri 25, aka sake saiti. Lissafin da ke sama ya ishe ku fitar da duka biyun. An rufe kwalbar da murfin roba tun ranar taitireshan, kada wanda ya buɗe ta kafin lokacin. Ku zo da tabarau na kariya da rigar gwaji, NaOH ko mai sirki ne ba ya wasa da ido.

Wassalam,
Malaminku na kimistiri